Mai POS ko Banki: Ina Ya Kamata Ajiyarka Ta Kwana?

*Tambaya: Ina sayar da kayan miya a Farin Gada da ke Jos. Kullum da yamma nakan ba mai POS na kusa da rumfata dubu biyar, yana rubutawa a littafi. Yanzu sun kai naira dubu ɗari huɗu da ashirin. 'Yata ta ce kuɗin ba sa banki, hankalina ya tashi. Gaskiya ne?*

Hajiya, kwantar da hankalinki, amma 'yarki ta faɗi gaskiya, Allah ya yi mata albarka. Abin da ke tsakaninki da wannan bawan Allah bashi ne, shi ake bi, ke ce mai bi. Littafin nan babu bankin da ya san da shi. Mai POS wakili ne kawai na wani banki ko kamfanin kuɗin waya. Aikinsa ya karɓi tsabar kuɗi ya tura asusun da aka ba shi, ko ya cire daga asusun mutum ya miƙa masa a hannu, ya biya kuɗin wuta, ya sa kati. Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ba ta ba shi damar yin harkar banki da sunan kansa ba, ballantana ya riƙe ajiyar jama'a a aljihunsa.

Ban ce mutumin macuci ne ba. Yawancinsu da kuɗin da aka ba su suke juya sana'ar, su ba mai cirewa na gaba. To, ranar da ɓarayi suka tare shi a hanyar gida, ko wani ya turo masa kuɗin sata aka kulle asusunsa, ko gobara ta ci rumfar da littafin, ko rai ya yi halinsa, wa za ki kama? Kamfanin da ya ba shi na'ura zai ce bai san ki ba, kuma gaskiyarsa.

A nan nake son kowa ya buɗe kunne, domin wannan ɗabi'a ta yi yawa a kasuwanninmu, daga Katako har Bukuru. Akwai hukumar NDIC da ke yi wa kuɗin ajiya inshora. A 2024 ta ɗaga abin da take biyan kowane mai ajiya idan banki ya rushe: naira miliyan 5 a manyan bankunan kasuwanci, miliyan 2 a ƙananan bankunan da ake kira maikurofainans, miliyan 2 a bankunan biyan kuɗi irin su MoMo da SmartCash, sannan har miliyan 5 ga mai asusu a kamfanin kuɗin waya mai lasisi. An ga amfanin wannan da aka soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin 2024, inda aka bi lambar BVN ta mutane aka tura musu kuɗinsu zuwa asusunsu na wasu bankuna. Amma fa duk wannan kariya sunan mai asusu take bi. Kuɗin da ke cikin asusun mai POS, a idon doka nasa ne, ko da na mutum hamsin ne suka taru a ciki. Mutum ya yini a rana yana auna tumatir, sannan ya ɗauki guminsa ya zuba a rijiyar da ba shi da guga a kanta, don kawai yana ƙyashin bin layin kwana guda! Wannan sakaci ne, kuma in abin ya ɓaci, kuka da rantsuwa ba sa dawo da ko sisi.

Ga yadda za ki yi, ba tare da rigima ba. Ki fara buɗe asusu da sunanki, da lambar wayar da ke hannunki, ki tafi da NIN da BVN. Ki lura da matakin asusun, domin a nan mutane ke tuntuɓe. A asusun kuɗin waya, matakin farko ba ya riƙe fiye da dubu 300, na biyu dubu 500, sai na uku ne ba shi da iyaka. Kuɗinki sun wuce matakin farko, don haka in aka tura su gaba ɗaya za su iya komawa ko su maƙale. Ki sa a ɗaga matakin tukuna, ko ki shiga reshen banki ki buɗe cikakken asusun ajiya. Idan kuɗin ruwa kike gudu, akwai bankuna irin su Jaiz da TAJ da ba sa harka da shi.

Daga nan ki ce masa ya tura. In ya ce ba zai iya lokaci guda ba, ku yanka wa'adi a gaban shaidu biyu, misali dubu ɗari duk bayan kwana biyu, kowane biya a soke shi a littafi. In ya fara kawo uzuri iri-iri, ki daina ƙara masa ko kwabo, ki sanar da shugaban layinku. Nan gaba kina iya ci gaba da ba shi dubu biyar ɗinki, ba laifi, amma ya tura asusunki nan take, ki biya ɗan cajinsa, kada ki ɗaga ƙafa sai kin ga alat a wayarki.

*Tambaya: Na je cire dubu hamsin a Taminus, na'ura ta ƙi, amma an zare kuɗin daga asusuna. Mai POS ya ce ba ruwansa.*

Malam, da gaskiyarsa, kada ka shaƙe masa wuya. In takardar da na'urar ta fitar ta nuna DECLINED, kuɗin ba su shiga wurinsa ba, kuma ba shi da ikon dawo da su. Bankin da ya ba ka kati shi ne mai wannan iko. Ka karɓi takardar, ka ɗauki hotonta tun rubutun bai goge ba, domin a jikinta akwai lambar RRN da rana da lokaci, su za a nema. Umarnin Babban Banki na 2020 ya ce a warware irin wannan matsala ta POS cikin awa 72. In sun wuce shiru, ka je reshe ka cike fom ɗin ƙorafi, ka karɓi lambar ƙorafin. Bayan mako biyu ba a yi komai ba, kana da damar kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da banki na Babban Bankin. Kada kuma ka sake zura katin sau biyu ko uku a lokacin da sabis ke rawa, haka ake zare wa mutum ninki.

*Tambaya: Ba na iya haddace lamba. Laifi ne in bar katina da PIN a wurin yaron POS da na yarda da shi?*

Haba ɗan'uwa! Lamba huɗu ce fa, kai da ke riƙe da lissafin bashin mutum goma a ka. Duk abin da aka cire da katinka da lambarka, banki zai ɗauka kai ka cire, kuma zai yi wuya ka samu mai saurarenka. Ka karɓo katin yau, ka canza lambar.

*Tambaya: Mahaifinmu ya rasu, yana da kuɗi a banki. Mai POS zai iya cire mana tunda katin na hannunmu?*

Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Kada ku yi haka, ko da kun san lambar. Dukiyar ta zama ta magada gaba ɗaya, wanda ya taɓa ta shi kaɗai ya jawo wa kansa zargi da shari'a. Wannan aikin reshe ne: ku kai takardar shaidar rasuwa, za su faɗa muku takardar kotu da ake buƙata kafin a saki kuɗin. Wanda marigayin ya rubuta a matsayin makusancinsa a fom ɗin banki ba shi ne mai kuɗin ba, mutumin da za a tuntuɓa ne kawai. Ku kuma adana layin wayarsa, kada ku bari ya mutu har kamfani ya sayar wa wani, domin ta nan saƙonnin asusun ke shigowa.