Bango ya ce ₦4,500, bidiyo ya ce sai an sayi turmi goma

Tambaya: "Ina sayar da atamfa a Kantin Kwari, Kano. Na sa bidiyo na minti shida a YouTube, a hoton bango na rubuta ATAMFA ₦4,500 KACAL, taken kuma 'Farashi ya karye a Kwari'. An nuna shi sau 20,000, mutum 1,800 suka buɗe, amma ciniki babu. Masu kira turmi ɗaya suke nema, alhali wannan kuɗin sari ne, daga turmi goma zuwa sama, na kuma faɗa a minti na biyar. Har wasu na ce mini mayaudari. Ina na kuskure?"

Alhaji, bangon naka ya yi aikinsa, har ya wuce gona da iri. Cikin duk mutum ɗari da aka nuna wa, tara sun buɗe, kuma YouTube da kanta ta ce rabin tashoshi da bidiyoyi suna faɗawa tsakanin kashi 2 da kashi 10 ne. Wato kana can sama. Sai dai mutanen da ka kira ba su ne masu sayen kayanka ba. Matar da ke neman turmi ɗaya na fitar biki ta ga ₦4,500 ta shigo da gudu. Ɗan sari daga Azare ko Maraɗi, wanda shi ne ka yi bidiyon dominsa, bai ga kalmar "sari" a ko'ina ba, ya ɗauka tallar sayen ɗai-ɗai ce, ya wuce abinsa.

Ka tabbatar da wannan da idonka kafin ka taɓa komai. Buɗe YouTube Studio, ka zaɓi bidiyon, ka shiga Analytics, sannan Engagement. Akwai wani layi da ke nuna yawan waɗanda suka rage a kowane lokaci na bidiyon, kuma za a faɗa maka kashi nawa ne ke nan har bayan daƙiƙa 30 na farko. Idan layin ya gangaro kamar kwari tun a farko, mutane sun shigo neman abin da bango ya faɗa, ba su gan shi ba, sun fice. Idan kuwa ka ga ya yi tozo a wajen minti na biyar, masu jan bidiyo gaba ne suna farautar farashin. Mu ɗauka kashi 10 ne suka kai wurin. Ka ga mutum 180 kaɗai suka ji sharaɗin turmi goma, sauran 1,620 sun tafi da abin da ka rubuta a bango. Su ne ke kiran ka, kuma a gaskiya ba su yi maka ƙarya ba.

Gyaran ba daga bango yake farawa ba. Ɗauki rubutun abin da ka faɗa a bidiyon, ko ka saurare shi da biro a hannu, ka rubuta jimla ɗaya tak: wanda ya kalli wannan har ƙarshe, me zai tafi da shi? A naka, jimlar ita ce: "Ɗan sari zai ga kaloli da zanen atamfar da ake ba shi a ₦4,500 idan ya ɗauki turmi goma." Wannan ne alkawarin da bidiyon ke iya cikawa. Duk kalmar da za ta hau bango ko take, a cikin jimlar nan za ka tsamo ta. "Kacal" ba ta ciki. "Farashi ya karye" ma ba ya ciki, sai fa idan a bidiyon ka nuna tsohon kuɗi da sabo, ka ce da nawa ya sauka. In ba ka nuna ba, cire shi.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne wannan: sharaɗin da ke canza farashi, wurinsa kusa da farashin ne, a kan bango, da rubutun da ido zai kama a waya. Na san abin da ke ranka, domin kusan kowane ɗan kasuwa haka yake ce mini: in na rubuta sharaɗin, masu buɗewa za su ragu. Za su ragu, ƙwarai. Amma yi lissafi. A ce sun sauko zuwa kashi 4, mutum 800 ke nan. Waɗannan sun ga "turmi goma" da idonsu suka shigo duk da haka. Ko mutum biyar ne suka saya a cikinsu, turmi hamsin ne, cinikin ₦225,000. Su kuwa 1,800 ɗin, ban da cajin waya da baƙar magana, me suka bar maka a shago?

To ga yadda zan rubuta, da ni ne. A bango: SARI ₦4,500, a ƙasa kuma TURMI 10 ZUWA SAMA. Hoton ya zama na ainihin atamfar da ake bayarwa a wannan kuɗin. Kada ka ɗora mai tsada don ta fi ɗaukar ido, domin hoto ma alkawari ne, wani lokaci ma ya fi rubutu ƙarfi. Shi kuma take kada ya maimaita bango, ya ɗauki abin da bangon ya rasa wurin sa wa: "Sarin atamfa a Kantin Kwari: kaloli da yadda ake aikawa wasu garuruwa". YouTube na ba ka damar haruffa 100, amma a waya ana datse ƙarshen dogon take, saboda haka "sarin atamfa" ya zo a gaba. Maganar aikawa kuma, in ba ka yi bayaninta a bidiyon ba, kada ta shiga take.

Sai buɗe baki. Mu Hausawa ba ma shiga magana babu sallama, kuma ban ce ka bari ba. Amma sallama ɗaya ta isa, sannan ka ɗaga turmin ka ce: "Wannan ita ce ta ₦4,500, yadi shida, ga mai ɗaukar goma zuwa sama. Mai son ɗaya, ga kuɗinta." Cikin daƙiƙa goma sha biyar ka cika alkawari, ka kuma ba mai sayen ɗai-ɗai amsarta ba tare da ta kira cikin fushi ba. Zagayen shago da godiya ga masu bibiya su biyo baya.

Bidiyon da ke sama ba sai ka goge shi ba. Ana canza bango da take ba tare da an rasa masu kallon da aka tara ba, kuma a Editor na YouTube Studio kana iya yanke doguwar gabatarwar don farashin ya matso gaba. Idan kana shakkar kalmomin da za ka zaɓa, a kwamfuta akwai A/B testing, wanda a da ake kira Test & compare, inda za ka sa bango har uku a gwada su. Abin lura, da tsawon lokacin da mutane suka zauna suna kallo ake fitar da gwani a can, ba da yawan dannawa kawai ba, don haka bangon da ke kira ya kuma saki mutane ba ya cin gwajin. Ka sani kuma a Disamba 2024 YouTube ta sanar cewa za ta fara cire bidiyoyin da takensu ko bangonsu ke alkawarin abin da ba ya ciki, ta fara daga Indiya, ta fi mai da hankali kan labarai.

Saura abu guda da ya shafi mai sa farashi a bango. Kuɗin kaya a Kwari yana motsi, bidiyo kuwa yana nan bayan wata shida da ₦4,500 a goshinsa. Ka sa wata da shekara a ƙarshen take, ka faɗe su da baki a bidiyon, ranar da kuɗin ya tashi kuma ka koma ka sauke lambar daga bango, ka bar SARI, TURMI 10 ZUWA SAMA.