Yadda ake sajar da furfura ba tare da rina kai duka ba

Tambaya: "Na gaji da baƙin rini, sati uku furfura ta sake leƙowa. Ya zan bar ta ta fito ba tare da kaina ya rabu gida biyu ba?"

'Yar'uwa, gashi yana tsirowa kusan santimita 1 ne a wata, shi ya sa layin da ke tsakanin furfura da rini ke fitowa fili. Dabarar ita ce a fasa layin. Mai gyaran gashi za ta ware siraran silli ta haskaka su da bilic su kusanci launin furfurar, musamman a goshi da gefen kunne, sannan ta rina wasu sillin da ruwan ƙasa mai duhu a tsakani. Idan furfurar kusan rabin kai ce, masu hasken su fi yawa. Kada duhun ya kai baƙi wuluk, don zai dawo miki da layin.

Amma ki gaya mata duk abin da ya taɓa hawa kanki. Lalle ba ya fita da bilic cikin sauƙi, ja-ja yake komawa, baƙin rini ma haka. In kina shafa rilaksa, haɗa shi da bilic na karya gashi, ga bushewar hunturun Sakkwato. Wannan ba aikin gida ba ne. Ki sa ta gwada a silli ɗaya ta ƙeya tukuna. In ya yi laushi yana miƙewa kamar roba, a dakata, ki riƙa datse bakin gashin a hankali har tsohon rinin ya ƙare.