Bashin harajin da babu wanda ya turo takardarsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kamfanin casar shinkafa a Kakuri, nan Kaduna. A farkon shekarar 2024 mun sayi sabon inji na naira miliyan 100. Da akanta ya kawo lissafin ƙarshen shekara sai na ga ya rubuta bashin "harajin da aka jinkirta" na naira miliyan 15.75, alhali mun biya duk abin da hukumar haraji ta ce mu biya. Wa ke bin mu wannan kuɗi, kuma yaushe za a biya shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. A yau babu wanda zai zo ƙofar kamfaninka da takardar neman wannan kuɗi, amma akantanka ya yi daidai da ya rubuta shi, domin haraji ne da aka ɗage maka zuwa shekaru masu zuwa, ba yafe shi aka yi ba.

Tushen lamarin shi ne inji ɗaya yana da lissafi biyu. A littafin kamfani ana raba kuɗin injin a kan shekarun da ake sa ran zai yi aiki, kowace shekara a cire kasonta daga riba a matsayin raguwar daraja. Ita kuwa hukumar haraji ba ta karɓar wannan ragi, saboda kowane kamfani shi yake ƙiyasta wa injinsa shekaru, kuma da an bar ƙofar a buɗe da kowa ya zaɓi adadin da zai rage masa haraji. Don haka ake mayar da raguwar darajar cikin riba, sannan a cire alawus ɗin kayan aiki, wato kason kuɗin injin da doka ta ƙayyade a cire daga riba. A ƙarshe duka hanyoyin biyu miliyan 100 ɗin nan suke cirewa. Saurin cirewar ne ya bambanta.

Daga adadin da ka kawo, ga alama akantanka ya ba injin shekara 10, wato miliyan 10 duk shekara, don haka darajarsa a littafi ta koma miliyan 90 a ƙarshen 2024. A dokar harajin kamfanoni da ta yi aiki a shekarar 2024, injin masana'anta yana samun alawus ɗin farko na kashi 50 cikin 100, sannan ragowar a raba ta gida huɗu a riƙa cire kaso ɗaya duk shekara, har da shekarar da aka sayi injin. Ke nan an cire maka miliyan 50 da kuma miliyan 12.5, jimla miliyan 62.5, sai darajar injin a wajen hukuma ta koma miliyan 37.5. Tazarar da ke tsakanin 90 da 37.5 ita ce miliyan 52.5, kuma kashi 30 cikin 100 nata, wanda shi ne harajin manyan kamfanoni, ya ba da miliyan 15.75 daidai.

Domin ka ga amfanin rubuta shi, mu ɗauka ribar kamfanin kafin haraji miliyan 80 ce. Idan aka mayar da miliyan 10, aka cire 62.5, ribar da za a yi wa haraji ta zama miliyan 27.5, harajinta kuwa miliyan 8.25. Wanda ya kalli wannan kaɗai zai ɗauka cewa ribar da ta rage bayan haraji ta haura miliyan 71, ya kira abokan jari a raba. Amma harajin da ya dace da ribar miliyan 80 shi ne miliyan 24, kuma idan ka haɗa 8.25 da 15.75 miliyan 24 ɗin za ka samu. Ribar gaskiya ta shekarar miliyan 56 ce. Ƙa'idar lissafi ta IAS 12 wannan take nema: harajin kowace shekara ya tafi tare da ribar da ta haife shi, ko da biyansa sai nan gaba.

Batun lokacin biya kuwa, ba rana ɗaya ba ce. Idan aka bi tsarin alawus na 2024 har ƙarshe, bashin zai ɗan ƙaru da naira dubu 750 a kowace shekara, ya kai miliyan 18 a shekara ta huɗu, lokacin da alawus ya ƙare amma injin yana da sauran darajar miliyan 60 a littafi. Daga shekara ta biyar littafinka zai ci gaba da cire miliyan 10, hukuma kuwa ba ta da sauran abin da za ta cire maka, saboda haka harajin da za ka biya zai fi wanda ribar littafi ta nuna da miliyan 3 duk shekara, har shekara shida. A nan ne ake warware bashin sannu a hankali. Masu kamfani da yawa a wannan gaɓar suke zargin cewa an ƙara musu haraji, alhali sauƙin da suka ci a farko ne yake dawowa.

Akwai abin da ke sa bashin ya faɗo gaba ɗaya, wato sayar da injin. A ce ka sayar da shi miliyan 80 a ƙarshen shekarar farko. Littafinka zai nuna asarar miliyan 10, amma hukuma za ta ga ka sayar da abin da take lissafa wa miliyan 37.5 a kan 80, sai ta mayar da bambancin miliyan 42.5 cikin ribar da ake yi wa haraji, wanda ya kai harajin miliyan 12.75. Mutum ya yi asara kuma ya biya haraji a kai; wanda bai san da wannan bashi ba zai sha mamaki. A gefe guda kuma, kamfanin da ke sayen sababbin injina a kai a kai yana iya ganin bashin bai taɓa raguwa ba, domin kafin na tsohon inji ya warware na sabo ya shigo. A ganina wannan jinkiri alheri ne, tamkar rance ne marar ruwa, muddin ba a manta cewa rance ne ba.

Idan akantanka ya kawo lissafin shekara ta biyu, ka duba cewa abin da ya cire daga riba shi ne ƙarin da bashin ya yi kawai, wato dubu 750 a misalinmu, ba dukan bashin da ya kai miliyan 16.5 ba, domin wannan kuskure ne da ake yawan gani wajen sababbin akantoci. Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce ka haɗa harajin da za a biya da wanda aka jinkirta ka gwada da ribar shekara. Idan sun yi nisa da kashi 30 ba tare da bayani ba, akwai tambaya. Haka nan, idan wata shekara riba ta yi ƙaranci har alawus ya yi saura, ragowar takan zama kadara a littafi maimakon bashi, sai dai ba a rubuta ta sai da dalili mai ƙarfi na cewa za a samu ribar da za ta cinye ta nan gaba.

Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta sauya tsarin alawus ɗin kayan aiki. Tun da bashin ana auna shi ne da ƙa'idar da za ta yi aiki a lokacin da zai warware, ka nemi akantanka ya sake lissafin shekarun da suka rage wa injin bisa sabuwar dokar, ya kuma nuna maka jadawalin da ke ɗauke da darajar littafi da darajar haraji na kowane inji a jere.