Hukuncin sayar da kaya ta waya ga uwa mai ƙananan yara, alhali kayan ba sa hannunta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce, yarana uku, babban bai kai shekara shida ba, ƙaramar kuma tana shan nono. Lokacin da nake samu na kaina bai wuce awa biyu ko uku a yini ba, idan sun yi barci. Wata mai sayar da zannuwan gado a sari ta ce in riƙa ɗora hotunan kayanta a wayata, in ƙara ribata a kai. Wanda ya so ya turo mini kuɗi, in cire nawa in tura mata nata, ita kuma ta aika masa kayan. Ba sai na sa jari ba, ba sai na fita ba. Wannan ya halatta? In bai halatta ba, wace hanya ce ta dace da mai hali irin nawa? Kuma shin maigidana yana da iko a kan abin da na samu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bari mu fara da ƙarshen tambayarki, 'yar'uwa, domin shi ya fi sauƙi. Abin da kika samu naki ne. Allah Ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 32, maza suna da rabo daga abin da suka tsiwirwirta, mata ma suna da rabo daga abin da suka tsiwirwirta. Ciyarwa da tufatarwa kuma suna nan a wuyan miji gwargwadon ƙarfinsa, sana'arki ba ta sauke masa ko ɗaya. An ruwaito daga Imam Malik cewa miji ba ya da ikon hana matarsa kasuwanci, amma yana da ikon hana ta fita. Tunda naki a cikin gida ne, abin da ya rage shi ne kada ya tauye haƙƙinsa ko na yara, kuma ki sanar da shi, don baƙin lambobi za su riƙa kiran wayarki, gara ya san dalili tun farko.

Sai cinikin kansa. A yadda kika siffanta shi akwai gyara. Hakim ɗan Hizam, Allah Ya yarda da shi, ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da mutumin da ke zuwa yana neman abin da ba ya da shi, sai ya sayar masa sannan ya je kasuwa ya sayo. Manzon Allah (SAW) ya ce: "Kada ka sayar da abin da ba ya wurinka." Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i da Ibn Majah sun ruwaito shi. Idan kin ce wa mai saye "na sayar miki wannan zanin da ke cikin hoto" kika karɓi kuɗi, kin sayar da takamaiman abu wanda mallakar wata ce. Tana iya sayar wa wani kafin saƙonki ya isa gare ta, tana iya ƙara kuɗi, kuma in ya lalace a shagonta ita ce da asara, ba ke ba. Hadisin Abdullahi ɗan Amr ya hana cin ribar abin da mutum bai ɗauki lamunin asararsa ba, kuma wannan ita ce siffar taki daidai.

Gyaran bai buƙaci ki bar sana'ar ba. Ana canza matsayinki ne a cikin cinikin, kuma matsayin da ya fi dacewa da mai awa biyu a yini shi ne ki zama wakiliyar mai kayan, wato dillaliya da ake biya lada. Bukhari ya kawo cewa Ibn Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifi a ladan dillali ba. A nan mai kayan ce ke sayarwa, ke bakinta ce kawai. Ku yi magana ɗaya a rubuce, ko da a saƙon waya ne, a kan abu huɗu: cewa ta wakilta ki sayar da kayanta da karɓar kuɗi a madadinta, farashin da za a sayar, ladanki a kan kowane guda, da kuma cewa in kaya ya zo da aibi ko bai isa ba ita za ta canza ko ta mayar da kuɗi.

Mu ɗauki misali da kowane irin kuɗi ake ciniki. A ce ta yanke cewa a sayar da zanin a kan 100, ladanki 10. Mai saye ta turo 100, kin riƙe 10, kin tura 90. Wannan tsabtatacce ne. To yaya in kika samu wadda ta saya a kan 110? Ƙarin 10 ɗin na mai kaya ne, ba naki ba, sai in ta yafe miki. Manzon Allah (SAW) ya ba Urwa al-Bariƙi dinari ɗaya ya sayo akuya, sai ya sayo biyu, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da akuya da dinarin gaba ɗaya, bai riƙe komai ba. A nan ne dillalai da yawa ke zamewa, suna cin lada a fili suna kuma cin ƙari a ɓoye.

Amma in ta ce miki tun farko, "ni dai 90 nake so, duk abin da ya hau naki ne", malamai sun saɓa. An ruwaito halascinsa daga Ibn Abbas, kuma shi ne ra'ayin Imam Ahmad. Mafi yawan malamai, har da Malikiyya, ba su yarda ba, domin ladan ba sananne ba ne, yana iya zama mai yawa, yana iya zama babu. Wadda ta bi Ibn Abbas ba za a ce ta ci haram ba. Ni dai na fi zaɓa miki yankakken lada, don ya fitar da ke daga saɓani, kuma ya rage miki doguwar tayi da ragi da kowace mai saye, abin da zai cinye ɗan lokacin da kike da shi.

Kuɗin da ke shigowa hannunki a wannan tsari amana ne. Kada ki taɓa 90 ɗin nan don biyan wata buƙata da niyyar mayarwa gobe, domin da zarar kin kashe shi ya koma bashi a kanki, ko sace shi aka yi bayan nan sai kin biya. In kuwa ya salwanta ba da sakacinki ba kuma ba ki taɓa shi ba, babu ramuwa a kanki. Ki kuma gaya wa masu saye cewa kayan na wata ne kuma daga wurinta za su taso. Hoton da za ki ɗora ya zama na ainihin kayan, ba wanda aka ƙara wa haske har launi ya canza ba, saboda hadisin Muslim: "Wanda ya yi algus ba ya tare da ni."

Akwai hanya ta biyu ga wadda ke son ribar ta zama tata ita kaɗai, ita ce salam. Ba za ki sayar da wannan zanin na cikin hoto ba, za ki ɗauki alkawarin kawo zani mai siffa kaza: irin yadin, tsawo da faɗi, launi, adadin rigunan matashi, da ranar da zai isa. Asalinsa hadisin Ibn Abbas ne a Bukhari da Muslim, cewa mai yin salam ya yi shi a sanannen mudu da sanannen awo zuwa sanannen lokaci. Sharaɗinsa mai saye ta biya kuɗin duka tun wurin ƙulla ciniki. Malikiyya sun yi rangwamen jinkirin biya har kwana 3, sun kuma sa mafi ƙarancin wa'adin kawo kaya kwana 15 in a gari ɗaya ake, Shafi'iyya kuwa sun halatta shi ko da nan take za a kawo. Bayan kin karɓi kuɗi sai ki sayo a sari, kayan su shiga hannunki ko hannun wanda kika wakilta, sannan a kai wa mai saye.

Ki duba lissafin kafin ribar ta ruɗe ki. A ce kin sayo a 80 kin sayar a 100, ribarki 20, ninki biyu na ladan dillanci. Amma yanzu komai a kanki yake. In kayan suka ƙare a wurin mai sari, dole ki nemo irinsu a wani wuri ko da a kan 105 ne, ko ki mayar da kuɗin in mai saye ta yarda. In guda ɗaya ya ɓace a hanya, kin yi asarar 80, ribar guda huɗu ke nan ta tafi. Sannan neman madadin kaya da bin mai kai saƙo aiki ne na mai iya fita da buga waya a kowace sa'a, abin da mai goyo ba ta da tabbacinsa. Shi ya sa ban ba ki shawarar farawa da salam ba, duk da halascinsa. Ki yi dillanci tukuna har ki san amanar mai kayan da irin abin da ake yawan dawowa da shi.

In kina da sana'ar hannu kamar ɗinki ko saƙa, karɓar aiki bisa oda ya halatta, shi ne istisna'i. Hanafiyya sun daɗe da halatta shi, kuma Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya a zamanta na Jidda a 1992 ta amince da shi, tare da halatta biyan kuɗin kashi-kashi ko jinkirta shi, matuƙar an bayyana siffar aikin da wa'adi. Uwar muminai Zainab 'yar Jahsh ma da hannunta take aiki tana sadaka. Inda iyaye mata ke shiga matsala a nan shi ne wa'adi. Awa biyu sau kwana biyar awa 10 ne a takarda, amma zazzaɓin yaro ɗaya na iya cinye rabinsu. In aiki ɗaya yana cin awa 3, kada ki karɓi fiye da biyu a mako, kuma ki ƙara kwanaki a kan ranar da kike zaton gamawa. Faɗin ranar da kin san da wuya ki cika, don kada aikin ya kuɓuce miki, saɓa alkawari ne da gangan. Haka a dillanci, ki sanar da sa'ar da kike amsa saƙo, ki tara oda ki tura wa mai kaya sau biyu a mako, kuma kada ki karɓi kuɗin kowa sai ta tabbatar miki kayan suna nan.

Abu biyu ki nisance su. Zinariya da azurfa ba sa shiga wannan tsari na biya yau a kawo jibi, domin sayensu da kuɗi sai hannu da hannu. Sai kuma tsarin da ake cewa ki biya kuɗin rajista ko ki sayi kaya masu tsada don ki shiga, sannan samunki ya dogara ga yawan mutanen da kika jawo su ma suka biya. Masu tallarsa sun fi farautar mata irinki da ke gida. Kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ya haramta shi a shekara ta 1425 bayan hijira, saboda riba da garari da cin dukiyar mutane da ɓarna. Za ki gane shi da tambaya ɗaya: in an daina shigo da sababbin mutane, kayan kaɗai za su iya biyan ladan da ake alkawari? Dillaliyar gaskiya ba ta biyan komai kafin ta fara, kuma ladanta yana fitowa daga kayan da aka saya don ana buƙatarsu.

Allah ne mafi sani.