Yaushe ninkin jeri biyu ke dacewa da ninkin jimillolinsu?

Tambaya: Na ninka jeri biyu masu jimilla, amma sakamakon ya ƙi tsayawa. Ina kuskurena?

Da farko, kada ka ninka aₙ da bₙ kawai. Ninkin Cauchy ake yi: cₙ = a₀bₙ + a₁bₙ₋₁ + … + aₙb₀.

Ko ka yi hakan, sai da sharaɗi. Mertens ya tabbatar cewa idan ɗaya daga cikin jerin yana da jimilla ko an cire masa alamun ragi, ɗayan kuma yana da jimilla, to Σcₙ = AB, inda A da B su ne jimillolin jerin biyu. Ɗaya tak ya isa.

Gwada aₙ = bₙ = (−1)ⁿ/√(n+1). Kowanne yana da jimilla, amma albarkacin sauyin alama ne. A cikin cₙ kuwa duk alamun iri ɗaya ne, (−1)ⁿ, babu mai soke wani. Girman kowane guntu bai gaza 2/(n+2) ba, ga su har n+1, don haka |cₙ| ≥ 2(n+1)/(n+2) ≥ 1. Tunda cₙ bai doshi sifili ba, zancen jimilla ya ƙare. Ina zaton nan ka faɗa.