Yadda ake gano tsohuwar kalma ta hanyar kwatanta sautuka

Tambaya: 'Yan uwa, ina ganin masana harshe suna sa tauraro gaban kalma su ce haka take a da. Tunda ba a rubuce suka same ta ba, ba cinta ba ce kawai?

Amsa: Malam, ba cinta ba ce. Na daɗe ina koyar da wannan, kuma da Hausarmu nake fara wa ɗalibai. Duba yadda Bakano da Basakkwace suke faɗin waɗannan:

sauka, sabka
sauro, sabro
zauna, zamna
tauna, tamna
aure, amre

Kama tsakanin kalma ɗaya da wata ba hujja ba ce. Abin da ake nema shi ne sauti ya riƙa dacewa da sauti a kai a kai, a gurbi guda. A nan, duk inda Sakkwato take da b ko m a ƙarshen gaɓa, Kano u take da shi. A farkon gaɓa kuwa babu bambanci, kowa baki da mutum yake cewa.

To wanne ne na asali? Mu ɗauka u ne. Sai mu faɗi abin da ya sa ya zama b a sabro, ya zama m a amre, alhali r ne yake biye da shi a duka biyun. Babu dalili. Amma in b da m ne na asali, doka ɗaya ta isa: sun raunana a ƙarshen gaɓa, suka haɗe suka zama u a Kano. Shi ya sa ake rubuta \*sabro da \*zamna. Tauraron yana nufin hujja ce ta kai mu, ba takarda ba. Wani masanin harshe Bajamushe, August Klingenheben, ne ya bayyana wannan sauyi a ƙarshen shekarun 1920. Dokar tana da iyaka: m gaban n ko r yake sauyawa, shi ya sa kalmar tambaya ba ta taɓu ba.

Wurin da ɗalibai suke tuntuɓe shi ne ɓauna. Kano da Sakkwato duk ɓauna suke cewa, sai mutum ya yanke cewa u ɗin tsoho ne. Jam'inta, ɓakane, shi yake tona asiri: \*ɓakna ce, k ya zama u tun kafin karorin su bambanta a nan. Haka talaka da talauci. Abin da duka karori suka yar, kwatanta su kaɗai ba zai dawo da shi ba, sai a leƙa jam'i ko wajen harsunan da suke dangin Hausa. Bolanci, ɗaya daga cikinsu, yana da mor inda muke da mai, da surru inda muke da soya, wanda ya nuna tsohon \*r ya zama y a Hausa.

Kafin ka fara, tsame kalmomin aro. Littafi da alƙalami suna cikin harsuna da yawa na yankinmu saboda Larabci, ba don gado ba. Alamar aro ita ce kalma ta yi kama sosai, amma ta ƙi bin dokar da sauran suka bi.