Yadda ake rubuta abin da kwamiti ya yanke

"Maigida, na rubuta rahoton zaman kwamitin gudanarwa na aikin gyaran magudanar ruwan layinmu a Agege, ya kai shafi shida. Amma shugaba ya ce bai ga abin da aka yanke a ciki ba. Ina matsalar take?"

Ɗana, na karanta shafukan nan duka, kuma hannunka yana da sauri. Sai dai ka bi bakin mutane ne, wane ya ce, wane ya mayar masa. Wanda zai buɗe takardar nan bayan wata uku abu uku yake nema: me aka tsayar, wa aka ɗora wa, kuma yaushe zai gama.

Ɗauki maganar siminti, wadda ta ci maka shafi biyu. Ka rufe ta da cewa "an amince za a duba farashi nan ba da jimawa ba". Wannan "za a" ita ce ke kashe aikin kwamiti, domin kowa zai tashi yana zaton da wani ake. Da ni ne, muhawarar duka layi biyu za ta samu: an kawo shawarar a sayi buhu 200 gaba ɗaya, wasu suka ce a raba biyu saboda babu busasshen wurin ajiya. Sai shawarar da aka yanke, a layinta ita kaɗai, da lambarta: "Shawara ta 3: a sayi buhu 100 yanzu, sauran 100 bayan an gama haƙa. Mutum bakwai sun amince, biyu sun ƙi." A ƙarƙashinta sai aikin da ta haifar: "Ma'aji, Alhaji wane, zai kawo farashi a rubuce daga dillalai uku, ya miƙa wa shugaba ranar Juma'a 27 ga Maris, 2026." Ka lura na faɗi abin da zai miƙa. Idan ka ce "zai bincika" kawai, ranar zama zai ce ya bincika, kuma babu mai iya ƙaryata shi.

Suna ɗaya ake sa wa kowane aiki. Ko mutum uku ne za su tafi tare, ka rubuta wanda za a tambaya, sauran kuma masu taimaka masa ne. Idan aka ɗora wa wanda bai zo zaman ba, kada ka rubuta kamar ya karɓa. Ka rubuta cewa shugaba zai sanar da shi ranar kaza, sai ya amsa sannan aikin ya koma sunansa.

Maganar rana kuwa, a nan dattawanmu suke son a bar ƙofa a buɗe. Za ka ji "bayan Sallah" ko "kafin damina". Wace Sallar, ƙarama ko babba? Damina kuma a Legas tun Afrilu take kankama, zuwa Yuni kuwa ruwa ya fi ƙarfin mai haƙa. Saboda haka ka ɗaga hannu cikin ladabi ka ce, "Ranka ya daɗe, wace rana zan rubuta?" Wannan tambaya aikinka ce, babu rashin kunya a cikinta. Kuma ka duba jerin ranakun da kyau: idan zama na gaba ranar Asabar 28 ga Maris ne, farashi ya iso 27, to ya yi daidai. Idan ka sa 30, kwamiti zai zauna hannu wofi, sayen siminti ya sake jiran wani zaman.

Kafin a yi addu'ar tashi, ka nemi minti biyar ka karanta shawarwari da ayyukan da ƙarfi, kowa ya ji sunansa da ranarsa. Gardamar da za a yi, gara a yi ta a nan. Ka tura rahoton cikin kwana biyu tun maganar tana kan mutane, a zama na gaba a amince da shi, shugaba ya sa hannu. A saman takarda kuma kada ka manta da sunayen waɗanda suka halarta da masu uzuri, domin idan adadin da tsarin ƙungiya ya gindaya bai cika ba, wani zai iya rushe shawarar daga baya.

Idan ranar ta wuce aiki bai kammala ba, za a matsa maka ka goge tsohuwar rana ka sa sabuwa. Ka bar ta a wurinta, ka rubuta sabuwar a gefenta tare da dalili a taƙaice: "27 ga Maris, an ɗaga zuwa 10 ga Afrilu, dillali ɗaya bai ba da farashi ba." Aikin da ka ga an sa masa rana har sau uku, ka nuna wa shugaba tun kafin a zauna, don ya yanke ko a sauya mutum ko a rage aikin.

Yanzu je ka sake rubuta wannan, ka kawo mini gobe bayan La'asar. Shafi ɗaya da rabi zai ishe shi.